Kafin Alƙalami a Littafin Akanta: Matsayin Kuɗin da Aka Karɓa Kafin a Kai Kaya

1.0 Gabatarwa

A kasuwanninmu da kamfanoninmu abu ne sananne mai saye ya biya wani ɓangare na kuɗin kaya tun kafin ya gan su, bisa alkawarin za a kai masa bayan wata biyu ko uku. Mai saye yakan yi haka don ya ɗaure farashi ko ya kama layi, mai sayarwa kuwa yakan nema don ya sami jarin sayo kayan. Matsalar da wannan maƙala za ta duba ita ce ta ranar rufe littafi. Idan kuɗin sun shigo a cikin wannan rubu'in shekara, wato zangon wata uku da 'yan ofis ke kira kwata, kayan kuwa sai a rubu'i mai zuwa za su fita, a wane matsayi za a rubuta kuɗin nan? Amsar a taƙaice ita ce, ba ciniki ba ne tukuna, bashi ne a kan wuyan wanda ya karɓa. Za a yi ƙoƙarin bayyana dalilin haka, a kuma bi misali guda ɗaya tun daga ranar karɓar kuɗi har zuwa ranar sauke buhu na ƙarshe.

2.0 Kalmomin da Hausa ta Tanada

Ya kamata a fara da tantance kalmomi, domin yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa. Hausawa suna da "kafin alƙalami", wanda ake ba malami ko mai sana'a kafin ya fara aiki, kuma kalmar ta yaɗu har ta shafi duk wani kuɗin da aka gabatar don tabbatar da ciniki. Akwai "adibas", wadda aka aro, ta kuma fi yawa a bakin 'yan kwangila da leburori. Akwai kuma "ajiya" da "jingina". Waɗannan biyun na ƙarshe ba su dace da batunmu ba. Ajiya ana mayar da ita ne ga mai ita kamar yadda ya kawo ta, jingina kuwa tsaro ce ta wani bashi daban. Kuɗin da mai sayen lemo ke bari a kan kwalabe da akwaku, alal misali, ya fi kusa da jingina, don ranar da ya maido kwalabe za a ba shi abinsa. Kafin alƙalami kuwa yanki ne na farashi. Ba a karɓe shi da niyyar mayarwa ba, an karɓe shi ne da niyyar a biya shi da kaya. A ganina wannan ita ce kalmar da ta fi cancanta a littattafan koyar da akanta da Hausa, kuma ita za a riƙe a nan.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan ciniki. A mazhabar Malikiyya akwai cinikin salam, inda ake biyan farashi gaba ɗaya tun farko, a jira kayan da aka siffanta awonsu da lokacinsu, kuma suna ɗaukar waɗannan kaya a matsayin bashi a wuyan mai sayarwa. Misalin da za mu kawo ba salam ba ne, tun da kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka biya, amma fahimtar tasu ta cewa wanda ya karɓi kuɗi ya ɗauki nauyi ita ce dai fahimtar akanta na yau.

3.0 Abin da Ƙa'ida ta Tanada

Kamfanonin Nijeriya da ke kasuwar hannun jari sun koma bin ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya tun daga shekarar 2012. Ƙa'idar da ta shafi kuɗin ciniki ita ce IFRS 15, wadda aka fitar a 2014, ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2018. Jigonta shi ne, ba a rubuta ciniki sai lokacin da iko da kaya ya koma hannun mai saye. Ana gane komawar iko da wasu alamu: kayan sun isa hannunsa, mallakarsu ta zama tasa, idan sun lalace ko sun ɓace asararsa ce, kuma ya karɓa ya amince. Shigowar kuɗi asusun banki ba ta cikin abin da ke tabbatar da wannan. Saboda haka kuɗin da ya riga kaya isowa ana ajiye shi ne a wani asusu na ɓangaren basussukan da ake bin kamfani, wanda za mu kira "asusun kafin alƙalamin masu saye". Bashi ne da ake sa ran biya cikin shekara, don haka yana jerin basussukan kusa, tare da kuɗin da masu kawo wa kamfani kaya ke bi.

Tun da tazarar wata uku ce kawai, ba a buƙatar a lissafa wani kuɗin ruwa a kan wannan bashi. Ƙa'idar ta yi rangwame ga duk cinikin da tsakanin biya da kai kaya bai wuce shekara ɗaya ba.

4.0 Misali: Dilan Taki da Ƙungiyar Manoma

A ɗauka akwai wani dilan takin zamani da ke rufe littafinsa kowane wata uku, a ƙarshen Maris da Yuni da Satumba da Disamba. A ranar 10 ga Maris wata ƙungiyar manoma ta ƙulla yarjejeniya da shi a kan buhu 600, kowane buhu N40,000, jimla N24,000,000, za a kai a watan Mayu kafin damina ta kankama. Ƙungiyar ta biya kashi ɗaya cikin huɗu nan take, wato N6,000,000, daidai da N10,000 a kan kowane buhu. Dilan yana sa ran sayo buhun a kan N34,000. Ribar da yake hange ke nan N6,000 a kowane buhu, N3,600,000 a cinikin baki ɗaya. An jingine zancen haraji don kada lissafin ya cukurkuɗe.

A tsarin rubutu mai ɓangare biyu, kowane kuɗi ana shigar da shi sau biyu, ɗaya a hagu, wanda akantoci ke kira debit, ɗaya a dama, wato kiredit. A ranar 10 ga Maris abin da za a rubuta shi ne:

Hagu: Asusun banki, N6,000,000
Dama: Kafin alƙalamin masu saye, N6,000,000

Iyakar abin da za a rubuta ke nan. Asusun ciniki bai motsa ba, haka ma ragowar N18,000,000 ba a rubuta ta a matsayin bashin da dila ke bin ƙungiya, domin bai ba su komai ba da zai ba shi damar binsu. Takardar da zai miƙa musu rasit ne na karɓar kuɗi, ba takardar cinikin kaya ba. A ranar 31 ga Maris, idan aka fitar da rahoton rubu'i na farko, za a ga kuɗin banki sun ƙaru da miliyan shida, basussuka ma sun ƙaru da miliyan shida, riba kuwa tana nan yadda take.

Yanzu a duba abin da zai faru idan magatakarda ya bi abin da idonsa ya gani, ya zuba kuɗin a asusun ciniki. A watan Maris ba a fitar da buhu ko ɗaya ba, saboda haka babu kuɗin sayen kaya da za a cire. Miliyan shidan gaba ɗaya za ta fito a matsayin riba. Abin lura a nan shi ne, wannan "riba" ta rubu'i ɗaya ta zarce duk ribar da cinikin zai iya haifarwa, wato N3,600,000. Idan kuma aka kai kayan duka a rubu'i na biyu, cinikin da ya rage a rubuta N18,000,000 ne kawai, a kan kuɗin saye N20,400,000, sai littafi ya nuna faɗuwar N2,400,000. Idan aka haɗa rubu'in biyu lissafi zai koma daidai, kuma da wannan ne wasu ke kafa hujja cewa ai duk kanwar ja ce. Ba haka ba ne. Tsakanin Maris da Yuni mutane suna yanke shawara a kan rahoton farko. Abokin tarayya zai nemi a raba riba, manajan ciniki zai nemi ladan ƙwazo, banki zai duba takardun ya ƙara rance. Mafi muni shi ne maigidan kansa ya ga riba a takarda ya ciri kuɗin ya sayi fili, alhali su ne kuɗin da zai kai masana'anta. Shekara ma tana iya ƙarewa a tsakani, in da a ce Disamba aka karɓi kuɗin, sai ribar bogi ta shiga rahoton shekarar da ba tata ba.

4.1 Ranar Kai Kaya

A ranar 12 ga Mayu dila ya sami buhu 400 kacal, ya loda, aka sauke a rumbun ƙungiya, sakatarenta ya ƙirga ya sa hannu a takardar kai kaya. A wannan rana ce ciniki ya tabbata, kuma a kan buhu 400 kaɗai, wato N16,000,000. Tambayar da ke biyo baya ita ce nawa za a cire daga kafin alƙalami. Yarjejeniya ce ke yanke wannan. Idan an rubuta cewa kuɗin za su bi buhu buhu, to N10,000 sau 400 ne, wato N4,000,000. Rubutun zai kasance kamar haka:

Hagu: Kafin alƙalamin masu saye, N4,000,000
Hagu: Bashin da ake bin ƙungiya, N12,000,000
Dama: Ciniki, N16,000,000

Tare da wannan, a rana guda, za a fitar da kuɗin sayen buhunan daga asusun kayan sito zuwa asusun kuɗin kayan da aka sayar, wato N34,000 sau 400, N13,600,000. Ribar da ta tabbata ita ce N2,400,000. A asusun kafin alƙalami kuwa saura N2,000,000, wadda ke wakiltar buhu 200 da ba a kai ba. Da yarjejeniyar ta ce a fara cinye kafin alƙalamin gaba ɗaya a lodin farko, da an cire miliyan shida, bashin da ake bin ƙungiya ya zama miliyan goma. A duk hali biyun ciniki N16,000,000 ne, abin da ke sauyawa shi ne wa ke bin wa, da kuma nawa. Sau da yawa ba a rubuta wannan sharaɗi, sai rigima ta tashi a bakin rumbu, ƙungiya tana cewa miliyan goma ake binta, dila yana cewa sha biyu. Layi ɗaya a takardar yarjejeniya ya isa ya kashe wannan wuta tun ba ta kama ba.

Ranar da iko ke komawa ma yarjejeniya ce ke nuna ta. Idan motar ƙungiya ce ta zo sito ta ɗauka, ciniki ya faɗa tun da aka gama lodi aka sa hannu. Idan kuwa dila ne ya ɗauki nauyin kaiwa har rumbu, to motar da ta tashi ranar 30 ga Yuni ta isa 2 ga Yuli cinikinta na rubu'i na uku ne, kayan da ke kanta kuwa har yanzu kayan dila ne a ranar rufe littafi.

Akwai wata dabara da ya kamata a yi hattara da ita. Wani lokaci mai sayarwa yakan ce kayan suna sitonsa, an riga an sayar, mai su ne bai zo ɗauka ba. Ƙa'ida ta yarda da haka, amma da sharuɗɗa masu tsauri. Dole ne a sami dalili na gaskiya, kamar mai saye ne da kansa ya nemi a riƙe masa don rumbunsa bai kammala ba. Dole a ware kayan daban da sunansa, su kasance a shirye don ɗauka, kuma mai sayarwa ba shi da ikon ba wani su. Buhunan da ke cikin tsibi ɗaya da sauran, waɗanda yaran shago ke ɗiba suna sayar wa duk wanda ya zo, ba su cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan warewa ba.

4.2 Idan Farashi ya Tashi

A nan ne kalmar "bashi" ke nuna ainihin nauyinta. Abin da ƙungiya ke bin dila ba N2,000,000 ba ce kurum, buhu 200 ne a kan N40,000 kowanne. Duk wanda ya yi kasuwanci a Nijeriya bayan da aka saki farashin naira a watan Yuni 2023 ya san yadda kuɗin kaya ke iya tashi cikin 'yan makonni. A ɗauka zuwa 30 ga Yuni buhu ya kai N43,000 a wurin saye, kuma dila bai riga ya sayi ragowar ba. Kowane buhu zai jawo masa asarar N3,000, jimla N600,000. Ƙa'idar IAS 37 ta tanadi cewa idan kuɗin da ba makawa sai an kashe wajen cika alkawari sun zarce abin da za a samu, to a rubuta asarar tun yanzu, kada a jira ranar kai kaya. Ana kwatanta asarar cika alkawari da diyyar da za a biya idan aka saɓa, a ɗauki wadda ta fi ƙanƙanta. Idan yarjejeniya ta ce wanda ya saɓa zai mayar da kuɗi ya ƙara da diyyar N1,000,000, to cikawa ta fi sauƙi, sai a ware N600,000 a matsayin asara a rubu'i na biyu. Mai karatu zai lura cewa riba ana jiran ta tabbata kafin a rubuta, asara kuwa da zarar an hango ta ake rubutawa. Ɗalibai sukan ga kamar rashin adalci ne. Amma mai duba rahoto ya fi cutuwa da ribar da ba ta zo ba fiye da asarar da aka gaya masa da wuri.

4.3 Idan Ciniki ya Warware

Idan dila ne ya kasa, ya mayar da N2,000,000, rubutun mai sauƙi ne: a rage asusun kafin alƙalami, a rage banki, riba ba ta taɓu ba sai da diyya in akwai. Idan kuwa ƙungiya ce ta fasa, kuma yarjejeniya ta ce kuɗin ba sa komawa, dila zai iya mayar da su kuɗin shiga, amma sai bayan yarjejeniyar ta ƙare, babu sauran abin da ake binsa. Shirun mai saye na wata ɗaya ko biyu ba fasawa ba ne. Haka kuma rubuta "ba a mayarwa" a jikin rasit ba ya mayar da kuɗin ciniki a ranar karɓa, domin ko ba za a mayar da kuɗi ba, ana bin kaya. 'Yan kasuwa da yawa a Arewa ma ba sa riƙe irin wannan kuɗi, saboda Malikiyya ba ta halatta sharaɗin cinye kafin alƙalami idan mai saye ya fasa ba, ko da yake Hambaliyya ta halatta. Wanda al'adarsa ita ce mayarwa, to ya bar kuɗin a jerin basussuka har ranar da ya mayar.

5.0 Yadda Ake Gane Kuskure

Mai binciken littattafai ba ya fara da asusun kafin alƙalami, domin kuskuren yawanci shi ne kuɗin ba su shiga can ba sam. Yakan ɗauki cinikin makon ƙarshe na rubu'i, ya nemi takardar kai kaya ta kowanne, ya duba kwanan wata da sa hannun mai karɓa. Cinikin da ke da rasit amma ba shi da takardar kai kaya, ko takardarsa ta nuna watan gaba, shi ne abin nema. Hanya ta biyu ita ce kwatanta ciniki da sito. Idan littafi ya ce an sayar da taki na miliyan shida a Maris, katin sito kuma ya nuna buhu ko ɗaya bai fita ba, magana ta ƙare. Ko ba a je sito ba, ribar kanta tana tona asiri: dilan da ya saba cin N15 a kowace N100 ta ciniki, in aka ga ya ci N30 a wannan rubu'i ya kuma faɗi a na gaba, a binciki kuɗin da aka karɓa a gaba.

Akwai kuskure na biyu wanda bai taɓa riba ba, shi ya sa yakan daɗe a ɓoye. Magatakarda yakan zuba kafin alƙalamin a shafin mai saye cikin littafin waɗanda ake bi bashi, sai shafin ya koma nuna cewa kamfani ne ake bi. Idan aka tara shafukan duka, wannan miliyan shida za ta rage jimlar bashin da kamfani ke bin wasu mutane daban. A ce yana bin sauran masu saye N20,000,000, sai rahoto ya nuna N14,000,000, bashin da ke kansa kuma ya ɓace ɗungurungum. Gyaran shi ne a bi shafukan ɗaya bayan ɗaya a ranar rufe littafi, a tsamo duk wanda ya juya, a mayar da shi jerin basussukan da ake bin kamfani.

Shi kansa asusun kafin alƙalami yana buƙatar jadawali a bayansa, mai nuna sunan kowane mai saye, ranar da ya biya, adadin kayan da yake jira, ranar da aka yi alkawari, da abin da ya rage. Jimlar jadawalin dole ta yi daidai da abin da ke cikin babban littafi. A misalinmu, layin ƙungiyar manoma a ranar 30 ga Yuni zai nuna an biya 10 ga Maris, saura buhu 200, saura N2,000,000, ranar alkawari kuma ta wuce da wata guda. Duk layin da ya kwana biyu haka yana da ɗaya daga cikin dalilai uku: ko an kai kayan an manta ba a rubuta ciniki ba, ko an mayar da kuɗin an rubuta su a wani asusu, ko kuwa dila ya gaza cika alkawari. A ranar 8 ga Yuli da aka sauke buhu 200 na ƙarshe, sai a rubuta ciniki N8,000,000, a cire N2,000,000 daga kafin alƙalami, a bi ƙungiya N6,000,000, a kuma yi amfani da N600,000 da aka ware wajen rage kuɗin sayen da ya kai N8,600,000, ta yadda rubu'i na uku ba zai nuna riba ko asara a kan waɗannan buhuna ba, layin ƙungiyar a jadawali kuma ya koma sifiri.